Datse bakin gashi ko man da aka ce yana haɗe tsaga

Idan bakin gashi ya fara tsagewa gida biyu, musamman lokacin hunturu da iskar Kano ke busar da komai, mace tana da zaɓi biyu: ta sa a datse bakin, ko ta shiga Kasuwar Sabon Gari ta sayo man da aka rubuta cewa yana gyara tsagar.

Gashin da ya riga ya fito daga fatar kai ba shi da rai, saboda haka ba ya warkewa kamar yadda ciwo ke warkewa a jiki. Abin da man yake yi shi ne ya lulluɓe silin ya manne tsagar na ɗan lokaci, amma da zarar an wanke kai sau ɗaya ko biyu, sai ta sake buɗewa, ta ci gaba da hawa sama har silin ya karye. Amfaninsa na gaskiya shi ne rage gogayya a gashin da bai lalace ba tukuna.

Datsewa kuwa ita kaɗai ke kawar da tsagar. Gashi yana tsiro kusan santimita 1 a wata, don haka wadda ta datse rabin santimita bayan wata 3 ta tsira da santimita 2 da rabi. Mai yawan shafa man miƙar da gashi ko gasa shi da na'urar zafi tana bukatar datsewa duk wata 2, mai barin kanta cikin kitso kuwa za ta iya kai wata 4.

A ganina, idan mai kitso ta tsefe kai ta ga bakin ya yi siriri yana sarƙe matsefi, gara a yanke ɗan sama da inda tsagar ta tsaya, kuma da almakashi mai kaifi, domin dakusasshe yana tauna bakin ne ya haifar da sabuwar tsaga.