Hoton fasfo a nan Birtaniya: ba a goge tabarau, ba a share bango

'Yan uwa, assalamu alaikum. Da yawa a cikinku kuna tambayata bambancin aikin masu hoto na nan da na gida, musamman ku masu shirin neman biza. To yau zan ba ku labarin abin da ya same ni wajen sabunta fasfona, don abin ya ci mini kusan mako uku, kuma ba na son wani ya faɗa inda na faɗa.

Kun san yadda muka saba. Ka shiga wurin mai hoto, ya ɗauke ka a duk inda ka tsaya, ya ce ka ba shi minti goma. Kafin ka ankara ya wanke maka fuska ta yi sumul, ya share kurajen, ya mai da bayanka fari ko ja, in kana so ma ya ɗora maka kwat da ba ka taɓa sawa ba. Mu a wurinmu wannan shi ne ƙwarewa, kuma gaskiya hannunsu na da kyau. A nan kuwa mai hoton da ya san aikinsa ba zai taɓa fuskarka a kwamfuta ba ko ka roƙe shi. Ƙa'idar hoton fasfon Birtaniya ta faɗa ƙarara cewa kada a sauya hoton da wata manhaja, kuma dole a ce an ɗauke shi cikin wata ɗaya da ya wuce.

Ni dai na ɗauki nawa da waya a falo, don a nan ana iya tura hoton ta intanet. Ina sanye da tabarau na ƙara gani, ga hasken taga ya faɗo kan gilashin hagu, ga kuma gefen labule da makunnin fitila sun fito a bayana. Sai na ce ai abu ne mai sauƙi. Na sa wata manhaja ta cire tabarau ɗin, ta share bayan ta mai da shi ruwan toka. A idona hoton ya yi tsaf. Na tura, bayan kwanaki aka ce in aiko da wani.

Da na kai wa wani dattijon mai hoto, bai yi minti ɗaya ba ya gano komai. Ya buɗa hoton a babban allo ya ce in matso. Gilashina na masu rashin ganin nesa ne, irin wannan gilashi kuwa yana ƙanƙanta abin da ke bayansa. Don haka idanuna sun fito ƙanana fiye da yadda suke, kuma layin gefen fuskata daidai saitin ido ya ɗan shige ciki, kamar an gutsure shi. Manhajar ta goge ƙarfen tabarau ɗin, amma ba ta iya mai da fuskar yadda Allah Ya yi ta ba. Idon hagu kuma, inda hasken ya rufe, ashe ƙirƙiro shi ta yi, tun da kyamara ba ta taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin hasken ba. Ya nuna mini karan hancina, fatar wurin ta yi laushi kamar an shafa mai, alhali sauran fuskar tana da 'yan ramukanta. Da na ga haka sai jikina ya yi sanyi, don wannan idon da ke kallona a allo ba nawa ba ne.

Bangon ma haka ya tona mini asiri. Gefen gashina ya yanke tsaf kamar an bi shi da almakashi, ga wani siririn farin zare ya zagaye kafaɗa, saman kunnen dama kuma an ɗan cinye shi tare da labulen. Bango na gaskiya yana da ɗan bambancin haske daga wannan gefe zuwa wancan, na manhaja kuwa launi ɗaya ne daga sama har ƙasa.

Na tambaye shi me ya sa ake tsananta abin haka. Ya ce fasfon zamani yana da 'yar na'ura a cikinsa mai ajiye hotonka, bisa tsarin da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta shimfiɗa. In ka tsaya a ƙofar nan ta filin jirgi mai buɗe kanta, kyamara ce ke gwada fuskarka da hoton da ke ajiye, tana duba tazarar idanu da fasalin hanci da haɓa. In an taɓa waɗannan, kai ne za ka tsaya a layi, kuma fasfon babba a nan shekara 10 yake yi. Akwai kuma 'yan damfara da ke narka fuskar mutum biyu ta zama ɗaya don su yi amfani da fasfo guda. Saboda irin wannan ne Jamus, tun daga 1 ga Mayun 2025, ta koma karɓar hoton da aka ɗauka a ofishin hukuma ko wanda mai hoto mai izini ya tura kai tsaye ta amintacciyar hanya. Shi jami'i ba shi da hanyar rarrabe mai goge kurji da mai sauya kamanni, shi ya sa aka rufe ƙofar gaba ɗaya.

Hanin bai tsaya kan tabarau da bango ba. Haska fata, goge tabo ko tawadar Allah, rage kumatu, duk ba a yarda ba. A ƙa'idar Amurka ko jan idon da hasken kyamara ke jawowa ba a gyara shi a kwamfuta, sake ɗauka ake yi. Ku lura da wayoyinku ma, wasu suna zuwa da gyaran fuska a kunne, suna yi maka kwalliya ba da saninka ba. A kashe shi tukun.

Shi tabarau ɗin, dokarsa ta bambanta. A Birtaniya an ce kada ka sa sai in ya zama dole, kuma in ka sa, kada ya zama mai duhu, kada ƙarfensa ko ƙyallinsa ya kare ido. Amurka kuwa ta hana shi tun Nuwambar 2016, sai mai takardar likita. Hijabi da makamantansa na addini an yarda da su a ƙasashen biyu, muddin fuska ta fito duka.

Abin da dattijon nan ya yi mini bai wuce minti biyar ba. Ya ce in cire tabarau in ɗan jira shatinsa ya baje daga hancina. Ya tsayar da ni ɗan nesa da ƙyallensa mai ruwan toka don kada inuwata ta faɗa kansa, ya ce in rufe baki in kalli kyamara. Ya ba ni lambar da zan shigar a fom ɗin intanet, da kuma hoto na takarda mai tsawon milimita 45 da faɗin 35, wanda kai daga haɓa zuwa tsakar ka ya kama tsakanin milimita 29 da 34. Wannan ya wuce ba tare da wata magana ba.

Ku masu jarirai, ga abin da na gani ana yi a shagon. Uwa ta so ta tallafo kan ɗanta a goge hannun daga baya, sai ya ce a'a. Ya shimfiɗa farin zanen gado, aka kwantar da yaron, ya ɗauke shi daga sama. Yaron ma idonsa a rufe yake, kuma an karɓa, don a nan wanda bai kai shekara ɗaya ba ba a tilasta masa buɗe ido.