Farashi biyu a kan takalmi ɗaya: a raba mutane ko a raba kwanaki?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da takalman fata ɗinkin nan Sakkwato, ina sa su a Facebook Marketplace da kuma status na WhatsApp. Kowane ƙafa yana tsaya mini ₦9,000, ina sayarwa ₦12,000. Ina son in koma ₦14,000 amma ina tsoron masu saye su watse. Wani ya ce in sa talla biyu lokaci guda da kuɗi daban-daban, wani ya ce in yi sati guda a wanga, sati guda a wancan. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa farashin, akwai lissafi ɗaya da ya kamata ka yi, don shi ne zai gaya maka abin da kake nema a gwajin. A ₦12,000 ribarka ₦3,000 ce, a ₦14,000 kuwa ₦5,000. Ke nan ƙafa shida a sabon farashi suna kawo maka ₦30,000, daidai da abin da ƙafa goma ke kawowa a tsohon. Cewa wasu za su gudu, wannan ba ya buƙatar gwaji, za su gudu. Abin da kake son sani shi ne ko waɗanda za su gudu sun wuce huɗu cikin goma. Rubuta wannan a saman takarda tun yanzu, domin in ba ka rubuta ba, ranar da ka wuni ba ciniki zuciya za ta ce maka ka yi asara alhali ba ka yi ba.

Shawarwarin da aka ba ka kuwa, kowace akwai gyara a cikinta.

Raba mutane yana nufin rabin masu kallo su ga ₦12,000, rabi su ga ₦14,000, a rana ɗaya, kuma kada wani ya ga duka biyun. Ƙarfinsa shi ne duk abin da ya faru a gari ya faɗa wa ɓangarorin biyu tare. An yi albashi, duka sun samu. An yi ruwa ko network ya lalace, duka ya shafa. Bambancin da ya rage sai na farashi. Amma talla biyu a Marketplace ba raba mutane ba ne. Wanda ya rubuta "takalmin fata" zai ga hotunanka biyu kusa da juna, ɗaya ya fi ɗaya arha, kuma ba wanda zai zaɓi mai tsada. Ƙarshe sai ka ce ₦14,000 ba ya tafiya, alhali kai ne ka karya kanka. Wannan hanyar ka ajiye ta gaba ɗaya.

Inda rabawa ke yiwuwa shi ne WhatsApp, tun da can kai ke zaɓen wanda zai gani. A saitin status akwai "Only share with...", ko kuma ka haɗa jerin broadcast guda biyu, kowane jeri yana ɗaukar mutum 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka. Abin lura shi ne yadda za ka raba. In ka bi son ranka, za ka tura mai tsada ga alhazai da ma'aikata, mai arha ga ɗaliban Jami'ar Ɗanfodiyo, sai gwajin ya koma awon aljihu. Ka bar lambar waya ta yi maka rabon: wanda lambarsa ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 ya shiga jerin farko, saura su shiga na biyu. Ba ruwan lambar ƙarshe da arzikin mutum.

Matsalar wannan hanya a garinmu take. Masu sayenka sun san juna. Mutum biyu za su haɗu a wurin ɗaurin aure a Mabera da takalmi iri ɗaya, ɗaya ya tambayi ɗaya nawa ya saya, daga nan sunanka ya shiga bakin majalisa. In za ka yi ta, ka gajarta ta, kuma ka shirya tun farko cewa in aka tsaya a ₦12,000, duk wanda ya biya ₦14,000 za ka mayar masa da ₦2,000 ɗinsa ba sai ya tambaya ba. Ka lissafa wannan a matsayin kuɗin gwaji.

Raba kwanaki kuma talla ɗaya ne, kowa yana ganin kuɗi ɗaya a rana ɗaya, kai ne ke sauya shi. Ba wanda zai ce ka fifita wani, kuma shi ne kaɗai abin da za ka iya a Marketplace ko Jiji, inda ba ka da ikon zaɓen mai kallo. Rauninsa shi ne kwanaki ba ɗaya suke ba. Sati-sati da aka ce maka shi ya fi kowanne haɗari, saboda Sakkwato gari ne da kasuwa ke motsawa da albashi. In satin ₦14,000 ya faɗo ƙarshen wata, za ka ga ciniki ka ɗauka mutane ba su damu da ƙarin ba. In ya faɗo tsakiyar wata, lokacin da kowa ke lallaɓa aljihu, za ka ɗora wa farashi laifin da ba nasa ba. Azumi da jajiberin Sallah ba a ma maganarsu: a goman ƙarshe takalmi ko nawa ne zai tafi, bayan Sallah kuma ko ka rage ba mai kallo. Kada gwajinka ya taɓa waɗannan kwanakin.

Gyaran shi ne ka riƙa sauyawa kullum, yau ₦12,000, gobe ₦14,000, a lokaci ɗaya, misali bayan sallar asuba. Tun da kwanakin mako bakwai ne, cikin kwana 14 kowane farashi zai samu Juma'a ɗaya, Asabar ɗaya, har ƙarshe. In ka kai kwana 28, kowanne ya samu sau biyu, kuma kwanakin albashi sun rabu a tsakaninsu. Wannan yana aiki ne inda baƙi ke wucewa, yau wasu gobe wasu. A status ba zai yi ba, don mutanen jiya su ne na yau. Cikin kwana uku sun gane, sai kowa ya jira ranar arha.

Akwai wani tarko a Marketplace da ya kamata ka duba da idonka. Idan ka rage farashi, yakan nuna tsohon da layi a kansa kusa da sabon. Wato ranakun ₦12,000 za su fito kamar ka yi rangwame, su ja mutane fiye da yadda ₦12,000 zalla zai ja. In ka ga haka, ka sani gwajin yana ɗan karkata wa mai arha. Haka kuma kada ka goge tallan ka sake ɗorawa, kada ka canza hoto ko rubutu, kada ka biya a tura shi gaba a tsakiyar gwaji. Farashi kaɗai ke motsi.

Duk wadda ka ɗauka, ciniki na iya ɓata maka ita. Mu ba ma saye sai mun taya. In mai ganin ₦14,000 ya taya ka sallama a ₦12,500, mai ganin ₦12,000 kuma ka ce masa albarka har sai ya cika, to ₦12,500 ka gwada da ₦12,000, ba abin da ka yi niyya ba. Ka tsayar da ragi ɗaya ga kowa, ko ₦500 ko babu, kuma kuɗin kai kaya, na ɗan kabu-kabu ne ko na mota zuwa Birnin Kebbi ko Gusau, ya zama daban kuma iri ɗaya. A littafinka ka rubuta ranar da mutum ya fara yi maka magana, farashin da ya gani, da abin da ya biya a ƙarshe. Ranar farko ce abin lura, don wanda ya gani Talata ya turo kuɗi Laraba, na Talata ne, kuma farashin Talata za ka ba shi. Masu "nawa ne?" da "akwai 43?" kada ka ƙirga su cikin ciniki. Sai kuɗi ya shigo.

Bari mu ɗauka ka yi kwana 28, ka sayar da ƙafa 30 a ranakun ₦12,000, ƙafa 21 a ranakun ₦14,000. Farashi ya hau da kusan kashi 17 cikin ɗari, ciniki ya sauka da kashi 30. In ka raba 30 da 17 za ka samu wajen 1.8, wato duk ƙarin kashi ɗaya a farashi yana cin kusan kashi biyu na ciniki. Masu sayenka suna jin ƙari, ba shakka. Kuɗin da ya shigo ma ya ragu, daga ₦360,000 zuwa ₦294,000. Nan ne mutane da yawa ke tsorata su koma baya. Amma riba ta tashi daga ₦90,000 zuwa ₦105,000, kuma jarin da ka zuba a kaya ₦189,000 ne maimakon ₦270,000. Layin da ka ja tun farko shi ne shida cikin goma na 30, wato 18, kai kuma kana 21.

Sai dai 21 da 18 ba su da nisa. Ko ba ka canza komai ba, cinikin da ya saba zama kusan 21 yakan yi sama ko ƙasa da huɗu ko biyar, don kawai wani ya yi tafiya ko wani ya sayi ƙafa uku zai aurar da ɗa. Saboda haka wannan sakamakon ya karkata ga ₦14,000 amma bai yanke hukunci ba. Da a ce 10 da 7 ka samu, rabon iri ɗaya ne, amma ba abin da za ka gina a kai, mutum biyu sun isa su juya shi. Ƙaramin gwaji babban bambanci kaɗai yake kamawa: 30 da 28, ka ƙara kuɗi hankali kwance, 30 da 9, ka koma inda kake. In ya faɗo tsakiya irin namu, ribar farashin biyu ba ta da nisa da juna, sai ka duba sauran abubuwa. In masu ɗinkinka ba sa iya cika maka oda, ko jari yana maka wuya, ₦14,000 ya fi maka. In kana neman sababbin masu saye da za su dawo, ₦12,000 yana da hujja.

Kada kuma tsoro ya sa ka gwada ₦12,000 da ₦12,500. Tazarar ta yi ƙanƙanta, da cinikin wata ɗaya ba za ka ga komai ba. ₦2,000 ɗin da ka zaɓa ta yi daidai.

Da ni ne, a Marketplace zan fara, da sauyin kullum na kwana 28. Amma tun da mai gani a Marketplace yakan dawo WhatsApp ya ƙarasa magana, ka cire wannan samfurin daga status har gwajin ya ƙare, kada ya shigo ya tarar da wani kuɗi daban. Rabon WhatsApp ya fi ba da amsa mai tsabta, amma da mutuncinka kake biya, kuma ga ƙarin ₦2,000 ban ga ya kai ba. In kana sayar da ƙasa da ƙafa goma a wata, kada ka wahalar da kanka da ko ɗaya: ka ƙara farashin kai tsaye a wata da ba azumi ba Sallah, ka ƙirga wata biyu, ka duba ko cinikin ya tsaya sama da shida cikin goma na da.