Layuka sun ɓace a lodin dare: wace wasiƙa ce za ta yi aiki?

"'Yan uwa, adadin cinikin da nake gani a rumbun bayanai da safe bai kai na manhajarmu ba, ina zargin lodin dare yana zubar da layuka. Hoton allo ya isa in tura wa injiniya, ko sai na haɗa da wani abu?"

Ɗan'uwa, hoton allo yana nuna cewa lissafi biyu sun saɓa, amma ba ya nuna wane layi ne babu. Ga wasiƙa biyu a kan matsala ɗaya. Alƙaluman na misali ne, ka sa naka.

Ta farko:

"Salam Injiniya. Bayanan jiya ba su cika ba, manhaja ta nuna 48,210, rumbu kuma 47,893. Ga hoto nan. Don Allah a duba da gaggawa."

Ta biyu:

"Salam Injiniya, barka da aiki. Ina zargin akwai layuka 290 na ranar Litinin da ke cikin `app.sales` amma ba su shiga `dw.sales` ba bayan lodin ƙarfe 2:00 na dare. Na gwada ne da lambar ciniki ƙarfe 9:15 na safiyar Talata. Na haɗa fayil ɗin CSV mai lambobin 290, da umarnin da na yi amfani da shi. Dukkansu `created_at` ɗinsu kafin sha biyun dare ne, `inserted_at` kuma bayan ƙarfe 2:00. Wataƙila na'urorin da suka rasa sabis ne suka turo a makare, amma kai ka fi ni sanin yadda lodin yake zaɓar layuka. Rahoton kuɗi zai fita Alhamis, shi ne gaggawar."

Ka lura ta farko giɓinta 317 ne, ta biyu kuma 290. Ragowar 27 ɗin ba su ɓace ba. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban UTC da awa ɗaya, rumbuna da yawa kuwa da UTC suke yanka rana. Cinikin ƙarfe 12:30 na daren da ya shiga Litinin, a wurin rumbu na Lahadi ne. Don haka jimillar rana za ta iya saɓawa alhali komai yana nan. Injiniyan da ya ga wasiƙa ta farko nan zuciyarsa za ta fara zuwa, ya ce maka bambancin agogo ne, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai 290 na gaskiya sun bi ruwa a cikin amsar.

Abin da ya raba gardama shi ne neman kowace lamba ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sa wa ɓangaren rumbu sharaɗin kwanan wata ba:

```sql
SELECT s.id, s.created_at, s.inserted_at
FROM app.sales s
LEFT JOIN dw.sales d ON d.id = s.id
WHERE d.id IS NULL
  AND s.created_at >= :start
  AND s.created_at <  :end;
```

In teburan ba a wuri ɗaya suke ba, fitar da lambobin kowane ɓangare ka gwada su. Ka guji `NOT IN` a nan: in akwai `NULL` ko da ɗaya a jerin, ba zai dawo maka da komai ba, ka ɗauka lafiya lau.

Jimlar da ta fi daraja a wasiƙa ta biyu ita ce wadda ta faɗi abin da layukan suka yi tarayya a kai. Lodin dare sau da yawa yana riƙe lokacin layi na ƙarshe da ya kwasa, gobe ya ɗora daga nan. In da `created_at` yake auna wannan, cinikin da aka yi 9:40 na dare amma bai iso ba sai 3:10 na asuba ya faɗa rami: daren farko bai iso ba, dare na biyu kuma lokacinsa ya riga ya zama tsoho. Ba zai shiga ba har sai an sake kwaso wannan zangon. Da a ce layukan duk na reshe ɗaya ne, sai zargi ya koma kan `INNER JOIN` da ya yar da su saboda sabon reshen bai shiga teburin rassa ba.

Ka rubuta "ina zargin", kada ka rubuta "lodinku ya lalace". Bayan ladabi, akwai dalili: wataƙila da gangan ake cire cinikin gwaji ko wanda aka soke, kai ba ka sani ba. A fayil ɗin kuma lambar ciniki da lokutan biyu sun wadatar, kada sunan abokin ciniki ko lambar wayarsa su shiga. Kafin ka tura, sake gudanar da umarnin a kan kwana biyu ko uku na baya, ka ƙara layi ɗaya da ke cewa ko abin na Litinin ne kaɗai ko kowane dare yake faruwa.