Pank da got: baƙin kaya ba shi ne ke raba su ba

"Jama'a, a makarantar koyon zanen tufafi an ba mu hotuna biyu mu siffanta, ɗaya ɗan pank, ɗaya ɗan got. Ni dai duk baƙaƙen kaya nake gani da gashi a tsaye. Ta ina zan bambance su?"

'Yar'uwa, pank da got salo biyu ne na kiɗa da sutura na matasan ƙasashen Yamma. Ki fara ajiye maganar launi a gefe. Ki duba yadin, ki duba bakin rigar, sannan ƙarfen da aka rataya. A nan bambancin yake zaune. Kayan ɗan pank an yi su ne don a ga an lalata su da gangan, na ɗan got kuwa an tsara su ne don a ga kwalliya mai kama da ta makoki.

Pank ne babba. Ya fito fili a New York da Landan wajen 1975 zuwa 1977. A Landan akwai wani shago mai lamba 430 a King's Road, na Vivienne Westwood da Malcolm McLaren, kuma daga can kayan mawaƙan Sex Pistols suka riƙa fitowa. Yadin da za ki gani na talaka ne, mai kauri, mai jure wahala: jins, fata, tishat ɗin auduga, da yadi mai gidan dara ja irin na mutanen Sukotlan. Kin ga tun daga nan ja ya shigo, haka ruwan ɗorawa da ruwan hoda mai haske, don ɗan pank ba ya gudun launi mai kashe ido.

Abin da na fi so ki tsaya a kai, tunda ke mai ɗinki ce, shi ne bakin yadi. Tela yakan kalmasa baki ya ɓoye zare. Pank ya juya wannan ƙa'ida gaba ɗaya. An yanke hannun riga da almakashi an bar zare yana zuba, an yaga ƙirji an haɗe yagar da fil mai kulle baki guda biyar ko shida a jere, an ɗora faci da ɗinkin hannu manya-manya da farin zare a kan baƙin yadi don kowa ya gani. Zik ma ana sa shi inda babu aljihu, a cinya ko a bayan ƙafa. Wandon da shagon nan ya yi suna da shi har maɗauri yake da shi tsakanin gwiwa da gwiwa. Bayan jaket ɗin fata kuma ya zama allo, mai ita ya rubuta sunan mawaƙan da yake so da farin fenti, da hannunsa, harafi a karkace. Idan kin ga rubutu a jikin tufa, musamman na zanga-zanga, ki karkata ga pank.

Got ya tsiro ne daga cikin pank ɗin, a Ingila, daga wajen 1979, lokacin da mawaƙa irin su Bauhaus da Siouxsie and the Banshees suka mayar da kiɗan mai nauyi da duhu. Gidan rawa na Batcave da aka buɗe a unguwar Soho ta Landan a 1982 ya taimaka wajen tsayar da kamannin. A nan yadi ya yi laushi: karammiski, leshi, siliki, yadi shara-shara da safa mai raga. Baƙi ne a kan baƙi, to amma ba iri ɗaya ba, karammiski yana shanye haske, siliki yana mayar da shi, leshi yana barin fata ta leƙo. Mai siffantawa da ya rubuta "baƙaƙen kaya" ya tsaya, ya zubar da rabin aikin. Idan wani launi ya shigo, to ja ne mai duhu ko shunayya, ko farar riga mai tattara a ƙirji da wuyan hannu. Tsayi ma alama ce: doguwar kwat, siket har ƙasa, hannun riga mai faɗi da ke sauka kan yatsu, da rigar matse ƙugu mai igiya a baya. Yawancin wannan an aro shi daga kayan makoki na zamanin Sarauniya Victoria ta Ingila, wadda ta sa baƙi tun rasuwar mijinta a 1861 har tata rasuwar a 1901.

Ƙarfe kuma, na ɗan pank daga shagon kayan gini ya fito, ko kama da haka: ƙusoshi masu kan dala a jere a kafaɗa da bel, reza, sarƙa mai kauri. Sid Vicious na Sex Pistols sarƙa ya rataya a wuya ya kulle ta da kwaɗo. Na ɗan got kayan ado ne na azurfa, zobba da yawa, gicciye, jemage, da alamar rai ta tsohuwar Masar mai zagaye a sama. Wasu kan ga waɗannan su ce addini ne ko tsafi. Ba haka ba ne, jama'a ce da kiɗa ya haɗa, kuma in kin rubuta haka a aikinki kin siffanta zatonki ne, ba hoton ba.

Takalmi ba ya buƙatar dogon bayani. Mai zagayayyen baki irin na leburori, kamar Dr. Martens mai ramin igiya takwas da ɗinki ruwan ɗorawa, ya fi zuwa da pank. Mai tsinin baki da jerin maɗaurai na azurfa, got ne na farko-farko. Sai dai 'yan got da yawa suna sa Dr. Martens, don haka kada takalmi kaɗai ya yanke miki hukunci.

Gashin da ya rikita ki, shi ma hanya biyu ce. Ɗan pank yana aske gefe ya tayar da zanko, ya ƙafar da shi da sabulu ko farin ƙwai ko ruwan sukari har ya zama tsinaye masu tauri, sau da yawa a rine kore ko ja. (Zankon nan ya fi yaɗuwa a farkon shekarun 1980, a hotunan 1977 gajeren gashi a tsattsaye za ki fi gani.) Ɗan got yana rina nasa baƙi ƙirin, ya taje shi baibai, daga baki zuwa gindi, ya fesa masa mai riƙewa har ya kumbura ya yi buzu-buzu, irin na Robert Smith, mawaƙin ƙungiyar The Cure. Fuska a shafe da farar hoda, kwalli ya zarce gefen ido, jambaki baƙi ko ja mai duhu, maza da mata.

Ga inda ake faɗuwa. A ce hotonki na mutum ne mai jaket ɗin fata, gefen kansa a aske, safa mai raga a yage ya zura ta a hannu ta zama riga. Fata da aski da yaga duk suna cewa pank. To ki matso. Zankon nasa tsinaye ne masu tauri, ko faffaɗa ne mai laushi da aka taje baibai? Faffaɗa ne, baƙi. Fuska fa? Fara fat, ido zagaye da kwalli. A wuya sarƙa da kwaɗo ne? A'a, gicciyen azurfa ne guda uku. Takalmi mai tsini. Wannan got ne irin na Batcave, wanda bai gama rabuwa da pank ba, kuma ba abin mamaki ba ne, don Siouxsie Sioux kanta, mawaƙiyar Siouxsie and the Banshees, a 1976 tana cikin matasan da ke bin Sex Pistols.

Da kin zo rubutawa, ki bi mutumin daga kai zuwa ƙafa, kowane abu ki faɗi yadinsa, yadda aka gama bakinsa, da inda ya zauna a jiki. Maimakon "ya sa baƙar riga mai ban tsoro", ki ce "rigar raga ce a yage a gwiwar hannu, a ƙarƙashin jaket ɗin fata marar rubutu, da gicciyen azurfa uku masu tsayi daban-daban a ƙirji". Sunan pank ko got ki bar shi sai jimlar ƙarshe, bayan alamu uku ko huɗu sun tafi gefe guda.