Akusatif da ergatif: mai aiki shi kaɗai, da wa yake anko?

Tambaya: "Don Allah 'yan uwa a taimaka, an yi mana lakca kan akusatif da ergatif wallahi ban fahimci komai ba, ga tes ranar Litinin. Mene ne bambancinsu?"

To ƙanena kwantar da hankalinka, in dai ka taɓa zama gaban malam a zaure nan cikin birni ana nahawu to ka riga ka san rabin abun, sunan ne kawai ya ba ka tsoro.

Mutum uku za ka riƙe. Akwai aikau na aikatau ƙi-karɓau, wanda ke shi kaɗai a jimla, kamar Audu a "Audu ya zo". Akwai aikau na aikatau so-karɓau, Audu a "Audu ya kama ɓarawo". Sai karɓau, ɓarawon kenan. A allo za ka ga an sa masu S, A da O, haka Dixon ke rubuta su, mutumen da ya yi aiki kan yaren Dirbal na Ostareliya. Rigimar duka a kan na farkon take: shi wanga mai zuwa shi kaɗai, da wa zai yi anko, da mai kamu ko da wanda aka kama?

Larabci akusatif ne. Ja'a Zaidun, Zaidu ya zo. Daraba Zaidun Amran, Zaidu ya bugi Amru. Zaidu ko zuwa ya yi ko bugu ya yi rufu'a ce a kansa, un, ba ruwan Larabci da fi'ilin lazimi ne ko muta'addi, Amru da ya sha bugu shi aka ware aka ba nasaba, an. Hausa ma haka take sai dai mu ba a wutsiyar suna muke sa alama ba, a wakilin suna take: na zo, na kama shi, ya kama ni. Na da na iri ɗaya, ni daban.

Yanzu yaren Bas, na arewacin Sifen da kudu maso yammacin Faransa, shi ne ergatif ɗin. Gizona namiji ne, mutila yaro.

Gizona etorri da, mutumen ya zo.
Mutila etorri da, yaron ya zo.
Gizonak mutila ikusi du, mutumen ya ga yaron.
Mutilak gizona ikusi du, yaron ya ga mutumen.

Duba mutila da kyau, da ya zo mutila ne, da aka gan shi ma mutila ne bai canza riga ba. Wanda ya yi ganin shi ya samu k a ƙarshe. Wato da Larabci irin wanga tsari yake bi da sai ka ji ana cewa ja'a Zaidan, da malam ya tashi da bulala. Kuma kar ka fassara ta ukun da "an ga yaro", a'a, jimla ce ta yau da kullum mai aikau sarai, nan ɗalibai da yawa ke zamewa.

Wani tarko kuma, ak ɗin ƙarshen gizonak a Bas tana nuna jam'i ma. Gizonak etorri dira nufinsa mazan sun zo, ba ergatif ko kaɗan. Ƙarshen jimla za ka leƙa, in ka ga dira jam'i ne, in ka ga du to mutum ɗaya ne ya yi wa wani abu.

Abun da ya fi burge ni shi ne ka daɗe kana jin ergatif a fim ɗin Indiya ba ka sani ba. Mai aya, na zo. Mai cai pita hu, ina shan shayi. Amma maine cai pi, na sha shayi. Wannan "ne" ɗin na ƙarshen maine ba ya fitowa sai aikatau so-karɓau ne kuma aikin ya kammala, shi ya sa ake cewa na Indiyanci rabi da rabi ne, kuma a nan aikatau ɗin ya bar mai sha ya koma bin shayin, pi saboda cai mace ce a wajensu.

Akwai wanda ya taɓa ja da ni wai Hausa ma ergatif ce tunda muna cewa "Binta ta fasa tulu" da "tulu ya fashe". Ni ban yarda ba. Juya shi zuwa wakilin suna ka gani: ta fasa shi, ya fashe. Tulun da ya zauna shi kaɗai "ya" ya ɗauka, irin ta "ya zo" da "ya kama", bai riƙe "shi" ɗinsa na karɓau ba.

Ranar Litinin in an ba ka baƙon yare, nemo jimla mai mutum ɗaya tukun ka ja layi ƙarƙashin ƙarshen sunan, sannan ka je mai mutum biyu ka ga wa ke da irin wannan ƙarshen. In mai yi ne rubuta akusatif, in wanda aka yi mawa ne rubuta ergatif, amma ka duba na aikin da ya wuce da na wanda ake kan yi daban-daban saboda irin su Indiyanci.