Hayar tarakta: abin da za ka tantance kafin ka kira lambar da ke ƙasan bidiyo

Rubutun da ake sawa a ƙasan bidiyon masu ba da hayar tarakta gajere ne: kuɗin hekta kaza, a kira lamba kaza. Farashin nan ba ya kwatantuwa da na wani sai ka san wane aiki ake nufi, da kuma wane ma'auni.

Fara da ma'aunin. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Eka kuwa kimanin murabba'in mita 4,047 ce, don haka hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Mu ƙaddara gonarka mita 150 ce tsawo, mita 80 faɗi, hekta 1.2 ke nan, kusan eka uku. Wani ya ce 100 yake karɓa a hekta, wani ya rubuta 45 a "kadada", alhali eka yake nufi. A wajen na farko 120 za ka biya, a wajen na biyu kusan 135. Wanda ya yi kama da mai arha shi ne mai tsada. Ka auna gonarka tun da wuri, da igiyar awo ko manhajar GPS ta waya, kada ka bari direba ya ƙiyasta da ido ranar aiki.

Sai nau'in aikin. Kaftu da garma mai faifai uku yana juya ƙasa zurfin santimita 20 zuwa 25, shi ya fi shan mai da cin lokaci. Haro yana farfasa hoge ne kawai, zurfinsa bai cika wuce santimita 15 ba. Huɗa kuma kuɗinta daban. Farashi mafi ƙanƙanta a talla sau da yawa na haro ne bi ɗaya. A jigawar da ake nomawa duk shekara haro na iya wadatarwa, amma sabuwar gona ko ƙasa mai laka sai an yi kaftu tukuna, in ba haka ba saiwa ta tarar da tauri a ƙasa, ciyawa kuma ta dawo da wuri.

Biyan hekta ko biyan yini? Garmar da ke cin faɗin santimita 90, tana tafiyar kilomita biyar a awa, in an cire lokacin juyawa a bakin gona, ba ta wuce hekta uku a awa takwas. Haro mai faɗin mita biyu yana iya gama kusan hekta ɗaya a awa guda. Da wannan lissafin za ka gane ko kuɗin yini ya fi maka sauƙi. Kowane tsari da irin cutarsa: mai biyan yini yana asara in direba ya yi nawa ko tarakta ta lalace, mai biyan hekta kuma ya kula da gaggawa, don direba kan ɗaga garma sama ya yi ta gudu. Ga ƙaramar gona mai kusurwoyi da yawa biyan hekta ya fi, muddin kana tsaye a wurin. Ka soka sanda a wurare da dama ka auna zurfi, ka kuma share turɓaya tsakanin layi da layi, don a nan ake ɓoye ƙasar da faifai bai taɓa ba.

In ka kira, tambayi wa zai sayi dizal. Kaftun hekta ɗaya kan sha kusan lita ashirin, ya fi haka a ƙasa mai nauyi, saboda haka farashin da ba mai a ciki ba arha ba ne. Tambayi kuɗin kawo tarakta, da mafi ƙarancin hektar da suke fitowa dominta. Nan ne haɗa kai da maƙwabtan gona ke biya: hekta goma a wuri ɗaya ta fi saurin samun rana a kan hekta ɗaya a nesa, kuɗin hanya kuma a raba. Wakili yana karɓar la'ada, amma shi ke tara gonakin, kuma ka san inda za ka same shi. Kiran mai tarakta kai tsaye ya fi dacewa da mai babbar gona.

Kada ka tura cikakken kuɗi ga lambar da a bidiyo kawai ka gan ta. Ka ba da kafin alƙalami, ka nemi saƙo a rubuce mai ɗauke da rana, aiki, yawan hekta, da abin da za a yi in ba su zo ba. Ranar ita ce komai, don da ruwan farko ya sauka kowa ke kira. Ka tone kututture da manyan duwatsu kafin su iso, don sukan fasa taya ko faifai, wasu kuma kan manomi suke ɗora gyaran. In an kwana ana ruwa, dunƙula ƙasa a hannunka: in ta murza kamar igiya ba ta ruguje ba, a ɗage aikin, domin tayoyi za su danƙare ta, hogen kuma ya bushe da taurin da haro ba zai iya fasawa ba.