Bilandar da na saya a Makka, da yadda na yi wa Yaya bayaninta har ta gane

Wata huɗu kenan da na sayi bilandar nan, tun kafin azumi, kuma kusan kullum sai ta yi aiki a gidana, shi ya sa na ga yanzu zan iya faɗin abin da na gani. Mu nan wajen Shara Mansur muke zaune, kun san dai yadda abin yake, ba injin markaɗe a bakin layi kamar gida da za ka ba yaro roba ya je ya dawo, komai a ɗaki ake yinsa, in ba ki da bilanda mai kyau to ƙosai da alala da kunun aya sai dai ki saya a hannun masu yi.

Ranar da na je shagon mai kayan ya ɗauko kwali yana karanto min abin da ke jiki, wat 1000, jog na gilashi lita 1.5, wuƙa mai baki shida ta ƙarfen da ba ya tsatsa, gudu kala biyu da maɓallin Pulse, ƙaramin kofi na niƙan busassun kaya, na'urar kare motar da ke juya wuƙa daga zafi, garanti shekara 2. Mutumin bai yi ƙarya ba ko ɗaya, duk suna nan, amma wallahi na fito shagon ban san ko za ta markaɗa min wake ba, wanda kuma shi ne abin da ya kai ni. Na dai saya ne saboda tsohuwar ta ƙone kuma azumi ya matso.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, yayata ce ta kira ni daga Jidda tana son ta saya, ta ce in faɗa mata yadda tawa take. Ni ma sai na ɗauko kwalin na fara karanto mata, wat kaza lita kaza. Ta katse ni ta ce "ke ni ba wannan na tambaye ki ba, ƙullun ƙosai yana laushi ko sai na tace?" Nan na ajiye kwalin. Duk abin da aka rubuta a jiki sai da na tsaya na tambayi kaina, to wannan me ya yi min a kicin, wace wahala ya ɗauke min, sannan na faɗa mata. Ga yadda muka yi.

Wat 1000 ɗin nan shi ne ya fi ɗaukar mu lokaci. Wat ƙarfin wutar da motar ke ja ne, shi kaɗai ba ya nufin niƙa zai yi laushi, yanayin wuƙa da siffar jog ma suna da nasu, amma ƙaramar mota tana shaƙewa in ƙullu ya yi kauri. Kuma matsalar ƙosai kenan. Bilanda tana son ruwa don kayan su dinga juyawa suna komawa kan wuƙa, shi kuma ƙosai ba ya son ruwa, in ya yi yawa sai ya baje a kasko ya sha mai ya ƙi tashi. Tsohuwar tawa wat 350 ce, dole sai na tsuga ruwa kafin ta juya, shi ya sa ƙosaina kullum a kwance yake fitowa. Wannan kuwa ina jiƙa wake kofi uku, in raba shi gida biyu, in fara zuba albasa da attaruhu a ƙasa tunda su suna da ruwa a jikinsu, in ɗora waken a kai, ruwa kaɗan wanda ko kan waken bai rufe ba, in kunna kamar daƙiƙa arba'in in kashe in tura na gefe ƙasa da cokali in sake. Zagaye uku ya yi laushi, in kin murza a yatsa ba ki jin tsaki-tsaki. Sai na ce mata "Yaya, za ki markaɗa wake da ruwa kaɗan, ƙosanki ya tashi ya yi fam ba ya shan mai." Ta ce yauwa yanzu kika yi magana. Ban sake ambata mata wat ba sai da ta tambaya don ta san abin da za ta nuna a shago.

Ta ɗan ji tsoron kuɗin wuta da ta ji dubu. Na yi mata lissafi, in mota mai wat 1000 ta yi minti shida tana aiki ta ci kashi ɗaya cikin goma na kilowat-awa, kilowat-awa ɗaya kuma halala 18 ne a gidajen zama, halala ɗari ce Riyal ɗaya, wato bai kai halala biyu ba. Ai esi da ke kunne dare da rana shi ne mai cin kuɗin.

Maɓallin Pulse kuwa, a wasu ana rubuta P kawai, na yi kusan wata ban taɓa shi ba don ba wanda ya ce min ga amfaninsa. Shi in kin danna yana juyawa, kina sakewa ya tsaya. Wata maƙociyata 'yar Zinder ce ta nuna min da shi ake surfa wake. Ki jiƙa waken kamar minti goma, kar ya wuce ya yi taushi, ki zuba a jog da ruwa mai yawa, ki danna ki saki, ki danna ki saki, sau biyar ko shida, waken ya fashe biyu ƙowar ta rabu da shi, ki juye a roba ki tsiyaye ta taso sama. Aikin da nake zama ina murzawa da hannu har bayana ya ƙage ya koma na 'yan mintuna. In kin zarce da dannawa fa waken zai farfashe ya bi ruwa ki yi asara, za ki gane in kin ga ruwan ya fara fari kamar madara, to tsaya haka. Da mai shagon ya ce min "wannan maɓallin yana cire ƙowar wake" da ko ciniki ban tsaya yi ba, amma shi ba ya cin ƙosai, bai san abin da ke damuna ba, ni kuma bai tambaye ni me zan yi da ita ba.

Jog na gilashi, amfaninsa a wurina ɗaya ne, ba ya riƙe wari. Na roba in kin markaɗa attaruhu da tafarnuwa da safe, da yamma kin dama fura ko kin yi lemon mangwaro sai kin ji yaji a maƙoshi ko sau nawa kika wanke, kuma ya yi ja ya dushe. Wannan ɗauraya ɗaya da sabulu ya wuce. Amma na faɗa wa Yaya ɗaya gefen, yana da nauyi, in ya cika da hannu biyu nake ɗaga shi, ita kuma tana fama da ciwon wuyan hannu, kuma gidanta yara ke wanke-wanke a kan tayil. Na ce mata ke kam ki yi tunani, wataƙila na roba mai kauri ya fi miki, ki ware shi na kayan miya. Abin da ya zame min daɗi ita zai iya zame mata wahala.

Lita 1.5 ma akwai magana. Wannan iyakar layin MAX ne, kuma da abu mai ruwa-ruwa ake nufi. Kunun aya yana kumfa, in kin cika har layin sai ya ɗago murfi. Ni aya kofi biyu nake sawa a zagaye ɗaya bayan ta kwana a ruwa, da dabino kamar guda goma da na cire ƙwallon, da kwakwa da na yanka ƙanana. Don Allah a duba dabinon da kyau, ƙwallo ɗaya ya taɓa shige min, ƙarar da na ji na ɗauka gilashin ya fashe, har yau akwai ɗan lanƙwasa a baki ɗaya na wuƙar. Don haka na ce mata kayan miyan gida mai mutum shida zagaye ɗaya ne, kunun aya na buɗa-baki zagaye biyu, in na sayarwa za ta yi kuwa wannan ba tata ba ce, ta nemi babba irin ta masu shagon lemo.

Yanzu abin da ya ba ni haushi. Ranar goma ga azumi ina cikin markaɗen alala na baƙi, zagaye na biyar a jere, sai ta ɗauke ɗif. Na canza soket, shiru. Gindin ya yi zafi har da ɗan ƙauri, la'asar ta wuce, raina ya ɓaci na ce shi kenan ta bi tsohuwar. Na bar ta na shiga wani aikin, bayan kamar minti ashirin na gwada sai ta tashi lafiya lau. Ashe wannan ce kariyar zafin da aka rubuta, in motar ta yi zafi da yawa sai ta yanke wuta da kanta har ta huce, maimakon wayar ciki ta ƙone. Abu ne mai kyau, shi ne ma abin da tsohuwar ba ta da shi, amma ba wanda ya gaya min haka zai faru, na sha tashin hankali a banza. Yadda na faɗa wa Yaya shi ne, in kin matsa mata za ta tsaya ta huta ba za ta ƙone ba, ki cire filogi ki ba ta lokaci, kuma kar ki wuce minti ɗaya tana gudu ba ki ɗan kashe ba. In kuma kin ji motar na kuka amma wuƙa ba ta juyawa, wannan daban ne, robar da ke haɗa jog da mota ce ta cinye, ana canza ta da kuɗi kaɗan wajen masu gyara.

Ƙaramin kofin yana niƙa kanumfari da masoro da barkono da busasshiyar kuɓewa sosai, na daina daka yaji a turmi maƙota na ƙasa suna jin bugu. Busasshiyar citta ce dai sai kin fara farfasa ta, in kin jefa ta guda tana tsalle ne kawai a ciki. Ƙara kam tana da ita ba kaɗan ba, lokacin sahur ba na kunna ta, tun dare nake gama markaɗe in sa a firij.

Yaya ta tambaya ko za ta iya aika wa Umma irinta Kano. Na ce filogin iri ɗaya ne mai ƙafa uku, ƙarfin wutar ma 220 zuwa 240 ne a jikinta, sai dai ta duba ƙasan motar ta ga an rubuta 50/60Hz, don wutar nan 60 ce ta gida 50, kuma ta tuna wat 1000 ƙaramin janareto zai ji a jikinsa in ana kunne da wasu kayan. Garantin ma a nan yake aiki, ta adana rasit.

A ƙarshe mai jog ɗin roba ta saya, wat 800, ta ce nauyin gilashin ne ya sa. Jiya ta turo min hoton ƙosanta, ta ce waken ma da maɓallin ta surfa shi amma na farko ta zarce ya zama gari, sai ta yi alala da shi.